Abin da na jiyo a bakin kogin Ganga

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Banaras ta ƙasar Indiya, har yanzu ƙaurin hayaƙin Manikarnika bai bar hancina ba. Nan ne matattakalar bakin kogi da ake ƙona gawa dare da rana. Ina isa wani saurayi ya tare ni da tsawa wai kada in ɗauki hoto, ya kuma miƙo hannu in ba da kuɗin itacen ƙona talakawa. Na gane ɗan damfara ne, na wuce.

Wani dattijo mai kwalekwale ne ya wanke mini wannan ɓacin ran. Muna kan ruwa aka sauko da gawa a kan makarar gora, babban ɗan mamacin ya aske kansa ƙwal, ya ɗaura farin ƙyalle. Na ce, "Baba, ashe Aljanna suke nema masa?" Ya girgiza kai. Ya ce gidan ni'ima da mabiya addinin Hindu suke kira Swarga masauki ne kawai: mutum zai zauna gwargwadon ladansa, in ladan ya ƙare a sake haifo shi duniya, kamar matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Haka Naraka, gidan azaba, in ka biya bashin zunubinka sai ka fito. Abin da ke kawo tsofaffi su jira ajali a Banaras shi ne moksha, wato kuɓuta daga wannan kai-komo na mutuwa da haihuwa gaba ɗaya, don sun yi imani wanda ya mutu a garin ba ya dawowa.

Na yi shiru, zuciyata ta koma kan karatunmu. Mu rayuwa ɗaya ce, sai kabari, sai tashin ƙiyama, kuma daɗin Aljanna duka yana cikin dawwamarta. Ko mumini mai zunubi da zai shiga Wuta ya fito, Aljanna zai nufa, ba cikin wata uwa ba. Kiristoci ma a kan rayuwa ɗaya da tashin matattu suke, sai dai Katolika na da wani matakin tsarkakewa kafin shiga sama. Tun daga ranar na daina fassara moksha da Aljanna, don kuskure ne babba. Abin da ya yi kama da namu shi ne Citragupta, mai rubuta ayyukan mutane a gaban Yama, alƙalin matattu. Da baban ya ambace shi sai na tuna mala'ikun da ke kafaɗunmu.

Washegari na je Sarnat, kusan kilomita 10 daga garin, inda Buda ya yi wa'azinsa na farko. Wani malamin addinin Buda mai jan mayafi ya ce su ma suna da sammai da gidajen azaba masu ƙarewa, amma ba su yarda akwai ruhi tabbatacce da ke ƙaura ba. Nirbana a wurinsu mutuwar wutar kwaɗayi ce, kamar a hure fitila. Na so in ƙara tambaya, mai keken da ya kawo ni ya matsa mini da hon.