Fuskar da Ta Ɓace a Cikin Tawada

Sana'ata ɗinka 'yan tsana na yadi da buga littattafan yara masu hotuna, mu huɗu ne a wurin aikin: maɗinka biyu, mai zane ɗaya, sai ni. Abin da ya sa na kama wannan hanya shi ne yaro mai duhun fata ya buɗe littafi ko ya rungumi 'yar tsana, ya ga fuska irin tasa. Da farko na ɗauka cewa maganar ba ta wuce a duhunta launi ba, sai da littafinmu na farko ya nuna mini kuskurena.

Littafin shafi 32 ne, kamar yawancin littattafan hotuna, domin ana buga shafuka takwas ko sha shida a kan babbar takarda ɗaya kafin a naɗe ta. Yarinyar da ke cikin labarin baƙa ce, kuma a allon kwamfuta fatarta tana sheƙi, kumatunta da haɓarta sun fito sarai. Muka aika maɗaba'a aka buga kwafi 500 ba tare da na nemi bugun gwaji ba, saboda ina gaggawa. Ranar da na yanke igiyar ƙullin farko na buɗe shafi na biyar, sai na tarar fuskar ta zama dunƙulen duhu mai kama da toka, babu hanci babu gira, fararen idanu kawai da haƙora. Wannan ita ce ainihin siffar da tsofaffin zane-zanen wulaƙanci suka yi wa baƙar fata, ga shi na biya kuɗi an buga ta da sunana.

Dalilin yana cikin yadda launi yake samuwa. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, kuma injin bugu yana haɗa kowane launi daga tawada huɗu da ake kira CMYK: shuɗiya, ja mai sirkin shunayya, rawaya da baƙa. Da muka duba fatar yarinyar bayan an juya hoton zuwa CMYK, inda ake auna yawan kowace tawada daga sifili zuwa 100, sai muka ga shuɗi 65, ja 75, rawaya 80, baƙi 70, jimla 290 ke nan. Takarda mai sheƙi tana iya ɗaukar kusan 300, amma mu marar sheƙi muka zaɓa don kada ta ɗauki idon yaro, ita kuma shan tawada take yi kowane ɗigo ya bazu, sai launi ya ƙara duhu. Yawan shuɗin ne ya kashe ɗumin fatar ya mai da ita toka-toka.

Mai zanenmu ya sake aikin, ya sauke fatar zuwa shuɗi 30, ja 60, rawaya 70, baƙi 35. Ya kuma daina zana hanci da leɓe da baƙin layi, wanda ba ya fitowa a kan duhu, ya koma fito da su da haske: ɗan sheƙi a goshi, a karan hanci, da saman kumatu, kamar yadda rana take sauka a kan fatar mutum. Tun daga lokacin ba na yarda a kunna inji sai na riƙe bugun gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, na fita da shi hasken rana, na ajiye shi nesa da ni taku uku. Idan ban gane ko yarinyar murmushi take yi ko fushi ba, a koma.

Darasin ya bi mu har teburin ɗinki. Idanu da bakin 'yar tsana da zare muke yin su, ba ma sa maɓalli ko dutsen ado, domin yaron da bai kai shekara uku ba yana iya cizge su ya haɗiye. Baƙin zare a kan yadi mai duhu ɓacewa yake yi, don haka muke kewaye ido da siririn zare mai haske, leɓe kuma mu yi shi da ja mai duhu. Gashi ma ba ma barinsa a miƙe: zaren ulu muke naɗewa a jikin siririyar sanda, mu jiƙa shi, ya bushe sarai kafin a zare, sai ya fito a murɗe.

Yanzu launin fata biyar muke ɗinkawa, daga mai haske, zuwa wankan tarwaɗa, zuwa baƙi sosai, kuma kowane yadi sai an wanke ƙyallensa tare da farin tsumma an ga bai zuba ba. Kwafi 500 ɗin nan ban sayar da ko ɗaya ba. Guda ɗaya na ajiye, buɗe a shafi na biyar, kusa da inda muke duba bugun gwaji.