Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shago ko Ɗaki

Wancan makon mun tsaya inda na ɗauki adashina, dubu 150 cif, to wallahi tun kafin kuɗin su shigo hannu na gama ƙyalla ido kan wani ɗan shago a bakin layinmu, irin mai ƙofa ɗaya ɗin nan. Dillali ya ce dubu 120 ne a shekara kuma mai shi baya karɓar rabi, sannan la'adarsa dubu 12 daban. Na je na faɗa ma Yayana da zumuɗina, shi ya daɗe yana saro kaya a Singa, ya ce "ƙanwata zauna mu yi lissafi, saura nawa?" Na ce dubu 18. Ya ce "to a ciki kafinta zai buga miki kanta, ga kwaɗo, ga kuɗin wuta da na masu gadi duk wata, me za ki zuba a ciki?" Wai shagon da ba kaya, mutum in ya tambayi abu sau biyu aka ce babu shikenan ya koma gaba, haya kuwa dubu 10 take ci duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Haka na haƙura na gyara lungun ɗakina. Na saro sukari, gishiri, omo, magi, taliya da jarkar man gyaɗa, kayan da kullum sai an nema, na bar dubu 30 a gefe saboda ƙaro abin da ya fara ƙarewa. Ribar a ƙulli take, in kin siyar da kwano guda ɗan abu kaɗan za ki samu amma in kin ƙulla a leda ƙanana yara suna zuwa aike, nan ne kuɗin yake taruwa.

Sai dai fa gida ma da nashi ciwon kan, kuma mutane basa faɗa. Na farko bashi, maƙociya za ta aiko yaro "wai in ji Mama a bata taliya biyu zuwa anjima", anjimar nan sai ta kai ƙarshen wata, kuma da wane ido za ki hana wadda kuke haɗuwa gidan suna. Na biyu tukunyar gidanki, yau magi gobe ludayin mai, ba mai rubutawa. Alamar jari ya fara zurarewa ita ce ciniki na tafiya amma ranar sari kuɗin basa kawo kayan da suka kawo wancan karon. Shi yasa duk Juma'a nake ƙirga kayan da suka rage a farashin sari, in haɗa da kuɗin gwangwani da na littafin bashi, in basu kai 150 ba na san akwai inda yake yoyo. Ko maigidan ya ɗauki sukarin shayi sai ya biya, ya yi ta min tsiya wai na zama kanti.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan baku labarin yadda muka kwashe da wadda ta riƙe min dubu 9.