Murya ta biyu ba inuwa ba ce

Daren jiya mu huɗu muka zauna a soron gidan kawuna a Nima muna gwajin waƙar biki. Aka ba ni murya ta sama, wadda take hawa mataki na uku a kan ainihin karin waƙar: idan mai ja ta rera do, ni in rera mi, ta je re, in je fa.

Da fari na ɗauka tazara ɗaya zan riƙe tun daga farko har ƙarshe. Ashe ba haka ba ne. Idan aka ƙirga da rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti biyu a jerin do-re-mi, daga do zuwa mi 4 ne, daga re zuwa fa kuwa 3 kacal. Ni kuma sai na buɗe ta biyun kamar ta farko, fa ɗina ya ɗan haura, sautin ya yi tsami, duka muka ji shi a kunne.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne muryar yayata, mai jan waƙar. Da ta ɗaga, sai in zame in koma layinta ban sani ba. Ta ce, "Ƙanwata, rera naki ke kaɗai sau biyar tukuna." Na yi. Sannan ta shigo a hankali, na matsa gefe kaɗan, na rage ƙarfi. Da muka sauka a kan do da mi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.