Ɗigo 42 a minti

Talata, da dare.

Da farin ciki na fita yau. Na'urorin awon jini biyu da na shafe wata huɗu ina rubuta takarda a kansu sun iso jiya da yamma, kuma babu wanda ya bugo mini waya da asuba cewa ba zai samu zuwa aiki ba. Bakwai da kwata na shiga ɗakin marasa lafiya da nake shugabanta kamar kullum, don in zaga gadaje ni kaɗai kafin a miƙa aiki ƙarfe takwas.

A gado na tara na ja na tsaya. Baba yana kishingiɗe ya dafa ƙarfen gado, kafaɗunsa na hawa suna sauka, na gaishe shi ya kasa haɗa kalma uku bai tsaya ya ja numfashi ba. Jiya da na tashi aiki har zolayata yake yi. Na ɗaga kai na dubi ledar ƙarin ruwa, gabana ya faɗi. An rubuta a jikinta an rataya ta ƙarfe huɗu na asuba, lita ɗaya, za ta shiga cikin awa takwas. Kenan sai sha biyun rana ya kamata ta ƙare, kuma a wannan lokacin ya kamata a ce fiye da rabinta na nan. Abin da na gani bai wuce mililita 150 ba.

Na murɗe ruwan, na ɗaga kan gadon ya zauna sosai, na sa masa iskar oksijin. Numfashi 30 a minti, alhali na babba mai lafiya tsakanin 12 ne da 20. Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta nuna kashi 89 cikin ɗari. Jijiyoyin wuyansa sun ciko. Likita ya zo da gudu, ya saurari ƙirji ya ce ruwa ya fara taruwa a huhu, ya rubuta allurar sa fitsari, muka shiga auna duk abin da ya fita. Kafin sha ɗaya numfashi ya sauko 22, na'ura ta koma 95. Alhamdulillahi. Dattijo ne ɗan shekara 74 da gudawa ta ƙarar da ruwan jikinsa, ga tsohon hawan jini, zuciyarsa ba za ta ɗauki ruwa da irin wannan gudun ba.

Auta ce ta rataya ledar. Wata uku kenan da fara aikinta.

Da aka gama miƙa aiki na kira ta ɗakin shan iska na rufe ƙofa. Ban kai ta ofis ba, don teburin nan yana sa yara su daina magana su fara kare kai. Idonta ya yi ja, ga rashin barci ga kuka. Na ce, "Zauna ƙanwata, Baba yana samun sauƙi. Faɗa mini yadda daren ya kasance tun daga farko, ba zan katse ki ba." Na kuma cika alkawari, duk da bakina yana ƙaiƙayi.

Ƙarfe huɗu da rabi abokiyar aikinta ta raka mara lafiya ɗakin tiyata, ba ta dawo ba sai wajen shida da rabi. Auta ita kaɗai da gado 18, ga sabon mara lafiya da aka kawo yana amai, ga maganin ƙarfe shida. Na tambaye ta lissafin, ta kawo shi daidai ba tare da ta duba takarda ba: mililita 1000 sau 20, tunda robar da muke amfani da ita ɗigo 20 ne ke ba da mililita ɗaya, a raba da minti 480, ya ba da ɗigo 42 a minti. Kan yarinyar yana ja. Sai na ce, "To da kika saita, nawa kika ƙirga a agogo?" Ta sunkuyar da kai.

"Sista, ban ƙirga ba. Da ido na duba, yadda nake ganin kina yi. Kuma kullum idan na saita kina zuwa ki ɗan taɓa ki wuce, ba ki taɓa ce mini komai ba, sai na ɗauka ina kusa da daidai."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat tun safe, ita ce kuma ta zaunar da ni rubutu yanzu maimakon in kwanta.

Gaskiya ta faɗa. Shekara 17 ina kallon ɗigon ruwa, idona ya san bambancin 40 da 60 kafin in zaro agogo. Duk safiya ina bin gadaje ina gyara na wannan, ina rage na wancan, shiru, ba na son in kunyata kowa a gaban mara lafiya. A raina hidima nake yi, ina sauke musu nauyi. Ku da kuke bibiyata kun san sau nawa na rubuta a nan cewa shugaban jama'a shi ne hadiminsu, kun san ba na ƙyamar ɗaukar fo ko canja zanin gado idan hannu ya yi ƙaranci. Ashe a kan wannan yarinyar gyaran da nake yi a ɓoye ya zame mata tarko. Na ɗauke mata kuskuren kafin ta gan shi, na kuma nuna mata gajeriyar hanyar da ba ta da shekarun bin ta. Ranar da ba na nan, Baba ne ya kwashi abin.

Na tuna Robert Greenleaf, wanda ya fito da maganar shugabanci ta hanyar hidima a rubutunsa na 1970, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana aikin horar da manajoji a kamfanin AT&T. Ma'aunin da ya kafa bai tambayi yawan aikin da shugaba ya yi da hannunsa ba. Tambayarsa ita ce, waɗanda ake yi wa hidimar suna ƙaruwa? Suna ƙara wayo da iya tsayawa da ƙafafunsu, har su ma su zama masu yi wa wasu hidima? Sannan mafi rauni a cikin jama'a, me ya same shi? Na daɗe da sanin wannan, har na taɓa karanta wa ɗalibai shi. Yau ne na ɗora kaina a kan ma'aunin, Auta a gefe guda, Baba a ɗaya gefen, na ga inda na gaza.

Ban ce mata ba ta da laifi ba, don tana da shi, kuma ɓoye mata zai zama wani gyaran shirun ne. Na ce ruwa magani ne, ba a auna shi da ido, kuma awa uku bai kamata ta wuce ba a leƙa leda ba, ko da gado nawa ne. Idan abu ya fi ƙarfinta ta kira mai kula da asibiti na dare, aikinsa kenan. Sai na faɗa mata nawa laifin, dalla-dalla. Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta yarda da kunnenta ba.

Na so in sallame ta ta je ta kwanta, amma ita ta roƙi mu je ta ga abin da ya faru. Muka je gado na huɗu, na nemi izinin mai gadon, na miƙa mata agogona na sa hannuwana a aljihu. Wallahi da ƙyar na bar su a can. Ta ƙirga na daƙiƙa 15, ta samu goma zuwa sha ɗaya, ta sake ƙirga cikakken minti don ta tabbatar. Sai na ce wa bawan Allah ya ɗan lanƙwasa hannu. Ɗigon ya ja baya kamar zai tsaya. Ya miƙe hannun, ya ɓalle da gudu. Nan ta gane na Baba: allurarsa a lanƙwasar gwiwar hannu take, ta saita ruwan yana kwance ya naɗe hannu, ta yi ta buɗewa har ya yi mata kama da daidai, da barci ya ɗauke shi ya saki hannun sai ruwa ya samu hanya. Mililita 850 cikin awa uku da minti 20, wajen ɗigo 85 a minti kenan, ninki biyu na abin da aka rubuta. Na nuna mata yadda ake manna filasta a tsawon leda a ja layi kowace mililita 125 a rubuta lokaci, ta yadda ko wucewa kake yi da tire a hannu, kallo ɗaya zai gaya maka ruwa ya riga agogo ko ya makara. Ita ta manna, da rubutunta.

Ɗan Baba ya zo da hantsi. Na zaunar da shi na gaya masa ruwan ya shiga da sauri fiye da yadda aka tsara, abin da muka yi, da abin da za mu ci gaba da dubawa. Ya tambayi wace ce. Na ce ɗakina ne, ni zan amsa. Ransa ya ɓaci, kuma yana da hujja.

Takardar rahoto ta cinye mini awa guda. A wurin dalilai na rubuta huɗu: ba a ƙirga ɗigo da agogo ba, allura a mahaɗar hannu, nas ɗaya da gado 18 har awa biyu, sannan shugabar ɗaki ba ta taɓa tsayawa ta tantance sabuwar ma'aikaciya a kan saita ƙarin ruwa ba kafin ta sa ta aikin dare. Na huɗun na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta shi. Jadawalin ma ni na tsara, ni na haɗa 'yar wata uku da wadda kowa ya san ita ake ja zuwa tiyata.

Shugabata Hajiya Babba ta kira ƙarfe biyu, tana so a ba yarinyar takardar tuhuma. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki karanta rahoton tukuna. Idan aka tuhume ta ita kaɗai, mai kuskure na gaba ɓoye leda zai yi ya rataya sabuwa, mu kuma ba za mu sani ba sai mara lafiya ya galabaita." Ta yi shiru, ta ce in zo gobe ƙarfe goma. Muryarta ba ta nuna mini inda ta karkata ba.

Sauran yinin ya wuce haka nan. Zagayen likitoci, sallama uku, kwanciya biyu. Safar hannu matsakaiciya ta ƙare kuma. Sabbin na'urorin nan ko kwalinsu ban buɗe ba.

Abin da ke cin raina yanzu shi ne sauran. Mutum nawa nake bi ina gyara wa aiki shiru? Na fara lissafi a hanya na kai huɗu. Akwai mai rubutun jadawalin ruwa da nake cike mata jimilla duk yamma, akwai wanda nake sake naɗe masa bandeji bayan ya juya baya. Dukkansu suna ganin sun iya.

Auta tana da dare biyu a gaba, na sauya ta da Maman Biyu, ita Auta ta dawo safe har mako biyu, kusa da ni. Na bar mata agogona, sai in nemo tsohon nan mai tsinken daƙiƙa a durowa kafin in kwanta. Baba na barci da na leƙa shi ƙarfe huɗu, numfashi 18.