Buhu 15 na albasa da taƙaitawa ta jawo mana asara

Na gina wa wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas manhajar hira da ke karɓar odar masu saye ta WhatsApp, kuma tun makon farko tsawon hira ya zame mini matsala, domin mai saye ɗaya kan shafe kwana uku yana ciniki a zare guda. Na ware wa tarihin hira tokin 4,000, wato ƙananan gutsattsarin rubutu da manhajar ke ƙirga tsawon hira da su, amma rubutun Hausa ya fi na Ingilishi cin tokin, don haka wurin yakan cika da wuri.

Da farko na yi amfani da taga mai zamewa, wato a tura wa manhajar umarninta na dindindin tare da saƙonni 12 na ƙarshe, a zubar da duk abin da ya gabace su. Aibinta a fili yake. Mutum zai faɗi inda za a kai masa kaya a saƙo na huɗu, idan an kai saƙo na 30 sai manhajar ta sake tambayarsa, shi kuma ya fusata. Ƙorafi ya yi yawa, sai na koma ga taƙaitawa a kai a kai: bayan kowane saƙo goma, a haɗa tsohon taƙaitaccen bayani da sababbin saƙonnin, a matse su zuwa kalmomi 150, a yar da na asali. Ƙorafin ya tsaya cak, ni kuwa na ɗauka na gama aiki.

Wani mai saye daga Agege ya nemi buhu 40 a saƙo na shida. A saƙo na 23 ya ce a kawo 25 kawai, ragowar sai bayan Sallah. Da na koma na bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, na tarar taƙaitawa ta uku ta riƙe maganar daidai. Ta huɗu ta ce yana son buhu 40, za a fara da 25, amma zancen Sallah ya ɓace. A ta biyar hirar ta karkata ga farashi da kuɗin mota, wurin ya ƙure, sai aka bar buhu 40 kaɗai, domin shi ne adadin da ya fi maimaituwa a rubutun da ake matsewa. Da wannan adadi aka rubuta oda, aka loda mota, aka kai Agege, mutumin ya karɓi 25 ya ƙi sauran. Muka biya kuɗin dawo da buhu 15, kuma duk wanda ya san damshin Legas ya san albasa ba ta jiran kowa.

Alhaji, dillalin albasar, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: “Malam, lokacin da manhajar take tambaya sau biyu ai ba mu taɓa asara ba.” Har yau maganar tana yi mini zafi, saboda gaskiya ce. Taga idan ta manta, mantuwar takan fito fili, mai saye ya gyara nan take. Taƙaitawa kuwa ba ta barin gurbin da ido zai gani. Tana miƙa wa manhajar jimla mai kyau wadda ba ta da alamar shakka, kuma tunda kowace taƙaitawa daga ta baya ake gina ta, abin da ya zube sau ɗaya ba ya dawowa. Na lura sauyin ra'ayi da sharaɗi da kalmomi irin su “kawai” da “kada” su ne suke fara zubewa.

Yanzu na cire adadi, farashi da adireshi daga hannun taƙaitawa gaba ɗaya. Suna zaune a ƙaramin rikodi da ake sabuntawa bayan kowane saƙo, ana tura shi a kowane zagaye. Ga ɓangaren adadi:

```json
{"buhu": 25, "sauran": 15, "lokacin_sauran": "bayan Sallah"}
```

Saƙonni takwas na ƙarshe suna tafiya yadda aka rubuta su, taƙaitawa kuma tana ɗauke da yanayin cinikin kawai, kamar cewa mutumin yana neman ragi. Cikakkiyar hirar tana ajiye a rumbun bayanai, kuma daga gare ta nake sake gina taƙaitawar, ko da yake hakan ya fi cin kuɗi. Kafin a rubuta oda, dole a karanta wa mai saye adadin da ke cikin rikodin ya amsa da kansa.

Gwajin da ya kamata in yi tun farko ba shi da wuya. Ina rubuta hira mai saƙo 60, in sauya adadi a tsakiya, in cika sauran da zancen farashi, sannan in duba adadin da ya fito a ƙarshe. Da na gwada tsohon tsarina da hirar mutumin Agege, buhu 40 ya sake ba ni.