Rawutar Alhaji da adaftar da ta gaji

Shagona yana Aboabo a Kumasi, ni da yara biyu. Aikinmu jan wayar intanet da saita rawuta, wato na'urar da ke raba intanet, a shaguna da gidaje. Kiran da ya fi zuwa mana shi ne: "Intanet ya ɗauke, sai mun kashe mun kunna yake dawowa." Mai wannan kukan yakan riga ya gama zagin kamfanin da ke ba shi layi kafin ya neme ni, alhali sau da yawa kamfanin ba ruwansa.

A watan Maris, ana tsakiyar zafi, wani Alhaji mai shagon buga takardu da cike fom a Asawase ya kira ni. Ya ce, "Malam, zo ka raba ni da wannan abu, sau huɗu na kashe shi yau." Na tarar da rawutar a kan kabad, dab da rufin kwano, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Na ɗora hannu na ji ta kamar burodin da aka fito da shi yanzu.

Ban yi saurin ɗora wa zafi laifi ba. Na haɗa kwamfutata da rawutar ta waya, na buga wannan, da lambar da ke rubuce a ƙasanta:

```
ping -t 192.168.1.1
```

Wannan umarni rawutar kaɗai yake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Idan intanet ya ɗauke amma ita tana amsawa, to matsalar daga waje take, sai a kira kamfani. A nan kuwa, da yaran shagon suka fara tura manyan hotuna, sai `Request timed out` ya jeru a allo, ga fitilunta a kunne kamar lafiya lau. Ita ce ta sandare.

Muka sauko da ita, muka yaye ƙyallen, muka hure ƙurar da ta toshe ramukan iska, muka sa mata fanka. Da zafi ne kaɗai, da ta huce ta daina. Washegari kafin azahar ta sake ɗaukewa sau biyu, jikinta kuma da sanyi.

Sai na koma kan adafta, ƙaramin akwatin nan da ake soka wa a bango, wanda ke mayar da wutar gida mai bolt 230 zuwa bolt 12. Yarona ya gwada ta da mita ya ce, "Maigida, 12 cif, lafiyarta ƙalau." Nan ne masu gyara da yawa ke ruɗuwa. Adaftar da aka zare daga rawuta ba ta ɗauke da kaya, gurguwa ma sai ta nuna 12. A cikinta akwai kafasita mai ruwa-ruwa, aikinta daidaita wuta ta fita sumul. Zafi yana busar da ita sannu a hankali. A ƙa'idar da muke bi, ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Ga kuma dumso, ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi, da ke ƙara jijjiga ta. Idan ta bushe, adafta tana riƙe rawuta lokacin da ba a aiki, amma da mutane sun hau waifai rawutar ta ja wuta da yawa, sai ƙarfin ya faɗi na ƙiftawar ido. Faɗuwar ba ta kai ta kashe fitilu, amma takan isa ta rikita ƙwaƙwalwar na'urar ta tsaya cak. Shi ya sa kashewa da kunnawa ke tayar da ita, ta yi ta tafiya har wani nauyin ya sake zuwa. Mitarmu ta hannu ba ta da saurin kama irin wannan faɗuwa, don haka ni gwajina shi ne canji.

Kullum akwai adafta mai kyau a jakata. Ta Alhaji an rubuta mata `12V 1A`, na sa mai `12V 1.5A`. Lambar farko dole ta zo daidai. Ta biyu, wato yawan wutar da adafta ke iya bayarwa, in ta fi ba komai, rawuta abin da take buƙata kawai take ja, amma kada ta gaza. A duba bakin ya shiga daram, a kuma duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ce mai alamar tarawa, don in aka juya ana iya ƙona na'urar.

Kwana uku shiru. Da na fasa tsohuwar na ga kan kafasitar ya kumbura kamar ƙosai. Alhaji ya riga ya ware kuɗin sabuwar rawuta, na ce ya mayar aljihu. Da sabuwar adaftar ma ba ta magance ba, ga sanyi ga iska, sannan ne zan ce cikin rawutar ya tsufa a canza ta. Ya biya kuɗin adafta da na zuwa biyu. Ƙyallen ne dai har yau muke ja da shi, duk lokacin da na biya sai na tarar an mayar.