Shekara nawa yaro zai kai kafin in miƙa mashi ƙarfen walda

Satin da ya wuce wata baiwar Allah daga wajen Tibiri ta zo shagona da hantsi, riƙe da hannun ɗanta. Muka gaisa, ta ce, "Maigida, ga ɗanka na kawo maka. Ubanshi ya rasu, ba na so ya tashi yana yawon tasha. Ka koya mashi abin da Allah ya koya maka." Na dubi yaron, kanshi bai wuce tebur ɗin da muke yankan ƙarfe ba. Na ce, "Inna, shekarunshi nawa?" Ta ce sha biyar, ƙaramin jiki ne kawai, haka danginsu suke. Na juya wajen yaron na tambaye shi ajin da yake a lakwal, ya ce bana ya shiga aji biyar. Yaron da aka sa lakwal yana da shekara bakwai, in yana aji biyar bai wuce sha ɗaya ko sha biyu ba. Na ce ta kawo takardar haihuwarshi, in babu kuma ta kawo wadda kotu ke bayarwa a madadinta. Kwana biyu ta dawo da takarda, shekara sha biyu da wata huɗu.

Ban ɗauke shi ba, kuma ta tafi ranta a ɓace. Na san abin da ake faɗa a kaina a unguwa: wai na cika tsirfa, wai ni ma ai da ƙuruciya na koya. Gaskiya ne, da ƙuruciyata na koya, kuma shi ya sa ba na ɗauka.

Ina da kamar shekara sha ɗaya aka kai ni wajen ubangidana, Allah ya jiƙanshi. Gwani ne na gaske, in ya ja walda a kan ƙofa sai ka ga ɗinkin ya kwanta layi ɗaya kamar saƙar tabarma, ba ƙuraje ba rami. Amma a wancan lokaci babu mai tunanin idon yaro. Aikina na farko shi ne riƙe ƙarfe biyu a haɗe yana ɗiga masu walda, gilashin rufe fuska guda ɗaya ne kuma yana hannunshi. Sai ya ce "rufe ido", ni kuwa yaro, wutar nan shuɗiya tana ba ni sha'awa, sai in leƙa. Ciwon ba ya zuwa nan take, abin da mutane ba su gane ba ke nan. Sai bayan awa shida ko fiye, cikin dare, ka farka kamar an zuba maka yashin Gulbi a ido, hawaye na zuba, ko fitila ba ka iya kallo. Hasken waldar ne ke ƙona fatar saman ido, kamar yadda rana ke ƙona fata. Mahaifiyata ta kwana tana ɗora mani tsumma mai sanyi. Kwana biyu ya wuce, na koma, na sake leƙawa. Babba in ya sha wannan sau ɗaya ya hankalta. Yaro ɗan sha ɗaya mantawa yake yi.

Dokar ƙasa ma ba ta bar abin a hannun ra'ayin kowa ba. Kundin dokar ƙwadago na Nijar, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ya ce ba a ɗaukar yaro aiki a ma'aikata kafin ya cika shekara 14, kuma ya ƙara da cewa ko da a matsayin ɗan koyo ne. Wannan ƙarin shi ne ya shafe mu masu sana'ar hannu, don kullum abin da muke fakewa da shi ke nan: "ai ba ma'aikaci ba ne, aparanti ne." Shekara 14 ɗin kuwa ita ce Nijar ta ɗauka lokacin da ta amince da yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1978. Yarjejeniyar ta bar ƙofa ga ɗan sha biyu zuwa sha huɗu ya yi aiki mara nauyi wanda ba zai taɓa lafiyarshi ko karatunshi ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon walda ya san babu aiki mara nauyi a inda tartsatsi ke tashi kuma wayar wuta ke kwance a ƙasa. Aiki mai haɗari kuma sai shekara 18, haka ma aikin dare.

To tsakanin 14 da 18 fa, me yaro zai yi shekara huɗu? Nan ne nake alfahari da tsarin shagona, kuma wannan tsarin nawa ne, ba gwamnati ta rubuta mani ba.

Ɗan sha huɗu in ya zo, abin da na fara miƙa mashi shi ne mita da alli da sukwaya. Wata shida yana awo. Mutane suna raina awo, alhali ƙofar da ta karkace ba walda ce ta karkatar da ita ba, awo ne. Ina koya mashi ya auna firam daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In tsawon biyun bai zo daidai ba, ƙofar ba za ta zauna a gini ba ko da wa ya yi waldar. Yana koyon sunayen ƙarafa, ya bambance bututu mai kusurwa huɗu na milimita 30 da na 40, ya san kaurin tol da yatsa kafin ya sa ma'auni. Yana goge tsatsa da burushi da takardar yashi, yana yanka ƙananan ƙarfe da zarton hannu a cikin matsi. Injin gurza ƙarfe kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Ƙaramin injin nan faifanshi yana juyawa wajen sau dubu goma sha ɗaya a minti, in faifan ya maƙale a ƙarfe injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, in kuma ya fashe gutsattsarin ba su tambayar inda za su. Hannun da bai ƙosa ba ba ya iya danne shi.

Ɗaukar kaya ma da ƙa'ida. Sandar bututu na 40 mai kaurin milimita ɗaya da rabi, mai tsawon mita shida, takan kai kilo goma sha ɗaya. Ba nauyin ba ne matsalar, tsawon ne, don in yaro ya saɓa ta shi kaɗai ya juya, sai ta kwashe wani ko ta taɓa waya. Saboda haka mutum biyu ke ɗauka. Tol mai irin wannan kauri kuma, mai tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya, ya haura kilo ashirin, ga bakinshi kamar aska, wannan aikin manya ne da safar hannu.

Sai ya kai sha shida nake barinshi ya riƙe abin walda, a kan guntayen ƙarfe, da gilashinshi na kanshi da safar fata, ni ko babban ma'aikacina a tsaye a kanshi. Da sandar walda ta milimita 2.5 yake farawa, wuta wajen amfiya tamanin, yana koyon kunna ta ba ta maƙale ba, yana koyon jin ƙarar da ke nuna tazarar hannunshi ta yi daidai. Abu uku na hana har sai ya cika sha takwas: hawa sama ɗaura ƙarfen rufi, fesa fenti, da walda a kan ƙarfe mai farin shafi irin na bututun ruwa. Wannan na ƙarshe hayaƙinshi fari ne, kuma wanda ya shaƙa da yawa yakan kwana da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, har a ɗauka sauro ne. Tankin da ya taɓa ɗaukar mai kuwa, ko babba ba ya kusantarshi da wuta sai ni da kaina na duba.

Lokacin aiki shi ne inda muka fi samun saɓani da abokan sana'a. Awa arba'in a sati doka ta yanka wa babban ma'aikaci, da hutun yini guda cikakke. Yaushe za a ce ɗan sha huɗu ya yi abin da ya fi haka? Nawa suna zuwa ƙarfe takwas, su tashi da azahar. Wanda ke makarantar allo ko ta dare ya samu ya huta kafin ya tafi. Ƴan sha shida zuwa sama suna dawowa bayan la'asar su yi awa biyu, kafin magariba kowa ya kama hanyar gida. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri arba'in, ƙarfen da ke rana ba ya taɓuwa da hannu, kuma na lura duk raunin da aka taɓa ji a shagon nan bayan gajiya ne, ba da sanyin safiya ba.

Jarabawar tana zuwa ne ranar da aka ɗauke wuta tun safe ba ta dawo ba sai bayan isha'i, ga mai ƙofa yana ta kira don ginin ɗiyarshi za a tare. Ranar nan za ka zaga gari ka ga shuɗin haske na walƙiya a lunguna har ƙarfe ɗaya na dare, kuma in ka matsa kusa, yara ne ƴan sha biyu ke riƙe da ƙarfe, ido a buɗe. Ni da manyan ma'aikatana biyu muke kwana a kan irin wannan aikin, yara suna gida. Aikin ya fi jinkiri, ban musa ba.

Daga nan ne arhar da ake yi mani gori da ita take fitowa. Mutum ya zo ya ce, "Maigida, can gaba an yi mani kuɗin da bai kai naka ba." Ƙwarai kuwa. Wanda ya tara yara goma ba ya biyansu sai kuɗin abincin rana, ya sa tol mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba inda nake sa ɗaya da rabi, ya ɗiɗɗiga walda nan da can ya cike sauran da maski ya shafa fenti, dole ƙofarshi ta yi arha. Damina biyu sai ka ga gindinta ya ruɓe, marfin ya sauka yana jan ƙasa. Rabin gyaran da nake yi a shekara na irin waɗannan ƙofofin ne, kuma in na kankare fentin nakan gane hannun yaro ne ya yi waldar, don takan tsaya a sama kamar kashin kaza, ba ta ci cikin ƙarfen ba. Ba laifin yaron ba ne, an ba shi abin da bai kai ba.

Sufeton ƙwadago yana da ikon sa likita ya duba yaro don a ga ko aikin da aka ba shi ya fi ƙarfinshi. Ni takardar haihuwa nake fara nema, in kwafe ta in ajiye a akwati tare da ranar da yaro ya fara, don baki ba ya zama shaidar shekaru, musamman bakin uwa mai neman mafita.

Ita wannan baiwar Allah ta Tibiri na ce mata, "Inna, ki bar shi ya ƙarasa aji shida. Saura shekara ɗaya da wata takwas ya cika sha huɗu, ranar da ya cika ki kawo shi, wurinshi na nan." Na kira yaron na ba shi tsohuwar mita ta aljihu, na ce ya auna ƙofofin gidansu da tagogi duka, tsawo da faɗi, ya rubuta a takarda ya aiko mani. Shekaranjiya wani direban da ke bin hanyar ya kawo mani takardar. Ƙofa huɗu, taga uku, kuma a ƙasa ya rubuta cewa ƙofar ɗakin innarshi sama ta fi ƙasa faɗi da santimita biyu.